Kashi na 14: Me Ya Sa Taronmu Ke Mutuwa Kafin a Rufe Shi?

Kamar yadda muka saba, wannan shi ne rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Yau magana ce a kan takardar nan da ake rabawa a bakin ƙofa idan ka je taro, wadda aka jera abubuwan da za a yi: buɗe taro da addu'a, gabatar da manyan baƙi, jawabin wane, jawabin wane, har zuwa jawabin godiya. Yawancinmu ba ma zama mu tsara ta. Ta taron bara muke ɗaukowa mu canza sunaye da kwanan wata. Ni ma haka nake yi, sai da ta kunyata ni a gaban mutane.

Ƙungiyarmu ta unguwa ta koya wa matasa 40 sana'a, ɗinki da gyaran waya da haɗa sabulu da man shafawa, muka shirya bikin yaye su. Mun kama hol, mun hayo kujeru, mun rubuta a kati cewa ƙarfe 4:00 na yamma za a fara. Ba a fara ba sai 4:50, saboda jiran babban baƙo. Addu'a ta ci minti 5. Mai gabatar da taro ya ɗauki minti 20 yana kiran manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, kowa sai ya taso daga cikin jama'a ya taka zuwa babban tebur. Shugabanmu ya yi jawabin maraba na minti 15. Babban baƙo ya yi minti 20, yana gamawa ya nemi uzuri ya tashi, kuma kun san babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai. Layin gaba duk ya bi shi, har da mu masu taron da muka fita rakiya. Muna dawowa aka shiga jawaban fatan alheri, mutum huɗu. Ana cikin haka wani daga cikinmu ya ga mutane sun fara gajiya, ya ce a raba abinci da lemo ko za su zauna. Wanda ya karɓi ledarsa sai ya nufi ƙofa.

Ƙarfe 6:10 muka fara kiran sunayen waɗanda aka yi taron dominsu. Mun wuce rabi kaɗan aka kira sallar Magariba. Sauran a tsaye muka miƙa musu satifiket, ana naɗe wayar lasifika. Wasan kwaikwayon da yara suka yi sati uku suna gwaji ba a yi shi ba. Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa, ba da faɗa ba, ta ce, "Ɗan nan, tun daga bayan gari na hawo mota don in ji an kira sunan 'yata." Ban sami abin ce mata ba.

Da na koma gida na ɗauki takardar na sake dubawa, sai na ga babu wanda ya yi mana zagon ƙasa. Takardar ce da kanta. Mun jera ta bisa girman mutane: mafi girma ya fara, mafi ƙanƙanta ya zo ƙarshe. To a taron yaye ɗalibai, su wa suka fi ƙanƙanta? Ɗaliban. Ke nan mun sa abin da ya tara jama'a a wurin da jama'a suka riga suka watse.

Abin dariyar shi ne, ba sai mun je ko'ina koyon wannan ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san yara da sababbin hannu su ke buɗe fili. Manyan da aka biya kuɗin ƙofa dominsu sai rana ta yi sanyi suke shiga, lokacin da kiɗa ya yi zafi kuma wuri ya cika. Ba wanda ke tafiya, domin kowa ya san abin da ya zo gani yana gaba. Ka juya tsarin, ka sa babban dambe a farko, ka ga ko mutum nawa za su tsaya kallon yara.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada wani abu mai kama da haka. A 1993 Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai tsananin sanyi sau biyu. Sau ɗaya na daƙiƙa 60. Ɗayan kuma daƙiƙa 60 ɗin nan dai, sannan aka ƙara 30 ana ɗan rage sanyin kaɗan. Da aka tambaye su wanne za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, duk da wahalarsa ta fi yawa, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Abin da aka fahimta shi ne, idan mutum zai tuna wani abu da ya wuce, ba ya lissafa kowane minti. Wurin da abin ya fi taɓa shi yake riƙewa, da kuma yadda ya ƙare. Ku auna wannan da taronmu: abin da baƙi suka tafi da shi gida shi ne kujeru a warwatse da ana kiran suna ba mai tafi.

Da zagaye na biyu ya zo, sai na ce wa 'yan kwamiti a ba ni takardar, kuma daga ƙasa zan fara rubuta ta.

Tambayar farko ba "ƙarfe nawa za mu fara?" ba ce. Ita ce, ƙarfe nawa jama'a za su tashi ko mun so ko ba mu so ba? A wurinmu amsar a bayyane take: kiran sallah. A lokacin nan na shekara ana kiran Magariba wajen 6:25 a garinmu. Mutane suna buƙatar lokacin alwala, mata masu yara suna son su kama hanya da sauran haske. Don haka na ja layi a 6:10 na ce ko me zai faru, kafin nan mun rufe. Sannan na tsara rufewar a 5:58, na bar minti 12 a aljihu waɗanda ba a rubuta a takardar da aka raba ba. Idan taronka na safe ne, Azahar ce katangarka. Idan ranar Juma'a ce, katangar ta ƙara matsowa. Farawa kuma, mun daina ƙaryar 4:00, tunda lokacin mutane suna sallar La'asar. Muka sa 4:20. Daga 4:20 zuwa 5:58 minti 98 ke nan. Shi ne duk jarin da muke da shi, kuma duk wanda ya ce a ƙara masa abu sai ya faɗi wanda za a cire.

Tambaya ta biyu: wane abu ɗaya muke so ya zama na ƙarshe da mutane za su gani? Nan muka fi daɗewa muna gardama. Wasu sun ce jawabin babban baƙo. Ni na ce a'a, domin ba mu san abin da zai faɗa ba, kuma ba a ɗora rufin ɗaki a kan ginshiƙin da ba ka gwada ba. Abin da muke buƙata daga wannan taro shi ne masu shaguna da iyayen unguwa su ɗauki yaran nan aiki ko su ba su ciniki. To rufewar ta zama wannan roƙon, a yi shi lokacin da zukata suka fi laushi, kuma a amsa shi a nan take.

Wannan ba ni na ƙirƙiro shi ba. A babban gangamin da baƙaƙen fatar Amurka suka yi a birnin Washington ranar 28 ga Agusta 1963, Martin Luther King shi ne na ƙarshe cikin manyan masu jawabi. Kafin shi, da ɗan tazara, Mahalia Jackson ta yi waƙa. Amma abin da mutane ke mantawa shi ne ba a watse da jawabinsa ba. Bayansa an karanto buƙatun masu gangamin, jama'a suka ɗauki alkawarin ci gaba da gwagwarmaya, aka yi addu'a, aka tashi. Wato an kai mutane ƙololuwa, an ba su abin yi da wannan zafin, an sallame su kafin ya huce.

To ga yadda minti 98 ɗinmu suka kasu, kuma zan faɗi dalilin kowane wuri.

Addu'ar buɗewa minti 3. Daga nan mutum ɗaya, shugabanmu, ya haɗa abu uku cikin minti 9: maraba, gabatar da manyan baƙi, da godiya. E, godiya a farko. Jawabin godiya a ƙarshen taro shi ne ƙararrawar tashi. Da an ce "yanzu sai mu kira wane ya yi jawabin godiya", za ka ji ƙarar kujeru, kuma wanda ake gode wa ma ba ya ji. A farko kuwa kowa na zaune, wanda ya ba da gudummawa ya ji sunansa a cikakken hol, ya fi masa daɗi. Su kuma manyan baƙi tun a bakin ƙofa aka tarbe su aka kai su mazauninsu, don haka ambaton suna kawai aka yi, ba takawa.

Ƙarfe 4:32 muka yi abin da ya riƙe taron gaba ɗaya. An ajiye keken ɗinki na ƙafa a gefen dandamali. Mai gabatarwa ya kira ɗaya daga cikin ɗalibai mata, ya ɗaga yadi kowa ya gani, ya miƙa mata, ya ce kafin a tashi za ta mayar da shi jakar makaranta a gaban idon kowa. Minti 5 wannan ya ci. Daga nan har ƙarshe tana gefe tana aiki, kuma duk bayan abu biyu mai gabatarwa zai leƙa ya ce, "Malama, ina aka kwana?" a yi dariya. Ba sai na faɗa muku ba, ta gwada ɗinka irin jakar sau uku a gida muna riƙe da agogo, kuma ta yanka wasu sassan tun kafin ranar, mun kuma faɗa wa jama'a haka. Amfanin abin shi ne an buɗe wata tambaya a farkon taro wadda amsarta ke ƙarshe. Mutum ba ya son tafiya bai ga yadda ta kaya ba.

Sai jawaban fatan alheri: mutum uku, minti uku-uku, na ware musu minti 12. Me ya sa 12 ba 9 ba? Saboda tasowa daga kujera, gyara babbar riga, karɓar makirfo, buga shi a ji ko yana aiki, duk lokaci ne. Ka ƙara minti ɗaya a kan kowane mutum da zai hau ya sauka. Wannan shi ne lokacin da ke ɓacewa ba a san inda ya shiga ba. Taro mai abubuwa goma sha biyar ya yi asarar kwata guda tun kafin kowa ya wuce lokacinsa. Na sa waɗannan jawabai da wuri ne domin a rabin sa'ar farko mutane suna da haƙuri, kuma masu makara suna ta shigowa, ba abin da suka rasa.

Ƙarfe 4:49 wasan kwaikwayo, minti 15. Dokar da na bi ita ce kada abu iri ɗaya ya jeru ya wuce kwata guda. An zauna an saurara, to yanzu a yi dariya. Mutane suna ɗauka cewa taro ya riƙa hawa yana nufin kowane abu ya fi na bayansa ƙara da hayaniya. Ba haka ba ne. Idan ka riƙe mutane a sama tun daga farko, kafin ƙarshe sun gaji da tafi. Hawa da sauka ake yi, sai dai kowane hawa ya ɗara na baya. Shi ya sa bayan wasan na ajiye abu mafi nauyi a takardar, rahoton yadda aka kashe kuɗi da yadda horon ya gudana, minti 10. Dole a yi shi, domin waɗanda suka ba da kuɗi suna da haƙƙin ji. Amma wurinsa shi ne bayan dariya, lokacin da mutane ke da sauran nishaɗin da za su kashe a kansa.

Daga 5:14 aka fara hawan ƙarshe, kuma daga nan ba a sake sauka ba. Raba satifiket ya zo. A karon farko ɗaya bayan ɗaya muka yi: a kira suna, ya taso daga bayan hol, ya karɓa, a tsaya hoto. Kowane mutum kusan daƙiƙa 40, mutum 40 kusan minti 27, kuma tafi yana mutuwa tun wajen na goma. Wannan karon mun zaunar da su wuri ɗaya bisa jerin sunayensu, suka hau goma-goma. Ana kiran sunan kowa a fili, ya ɗaga hannu, iyayensa su yi guɗa, hoto ɗaya ga kowane rukuni. Minti 15 ya isa. Kuma wanda ya karɓa bai koma kujera ba, gefen dandamali ya tsaya, don haka gaban hol yana ta cika da su.

Sai babban baƙo, minti 12, daga 5:29. Nan ne mutane suka fi tambayata: ya aka yi ya zauna har wannan lokaci? Ba mu ce ya zauna ba. Na je ofishinsa da kaina na ce, "Yallaɓai, ba ma so mu cinye maka yamma. Daga 5:10 zuwa 5:55 kawai muke buƙatarka. Kai za ka miƙa satifiket, ka yi mana nasiha, sannan akwai wani abu da za a damƙa a hannunka a ƙarshe." Ya ji daɗi ma, domin shi ma ya gaji da zaman tarukan da ba a san ranar tashi ba. Ka ga an kashe tsuntsu biyu: ba mu jira shi kafin farawa ba, kuma ba zai iya tashi a tsakiya ba tunda akwai aikin da ke jiransa.

Bayansa ɗaya daga cikin ɗaliban gyaran waya ya yi magana minti 6. Ba jawabi ba, labarinsa kawai: inda yake zama da rana kafin horon, da ranar da ya fara kai wa mahaifiyarsa kuɗin cefane daga aikin hannunsa. Mun zauna da shi sau biyu kafin ranar, ba don mu rubuta masa ba, don mu taya shi zaɓen abin da zai bari. Hol ya yi tsit. Yana sauka mai gabatarwa bai ce komai a kai ba, wannan ma mun yi yarjejeniya, domin sharhi bayan irin wannan magana ruwa ne a kan garwashi. Juyawa kawai ya yi wurin mai ɗinki. Ta taso da jaka, ta miƙa wa babban baƙo, ya zuge zif ɗin ya ɗaga ta sama. Ana cikin tafin nan shugabanmu ya karɓi makirfo ya ce ga su nan su 40 a gabanku, wa zai ɗauki ɗaya a shagonsa, wa zai ba da ɗinkin yunifom, wa zai sayi sabulun gidansa a wurinsu, ya ɗaga hannu yanzu. Yaranmu huɗu suna tsaye da takarda da biro a tsakanin layuka suna rubuta suna da lamba. Minti 8. Addu'a minti 3. Abinci kuma a bakin ƙofa aka miƙa wa kowa yana fita. Sanarwar an tsinci makulli da ta taro na gaba duk an yi su tun kafin raba satifiket.

Kada ku ɗauka komai ya tafi daidai. Ba mu fara ba sai 4:30, saboda janareta ya ƙi tashi. Minti 10 sun tafi. Amma tun a gida mun sa alama a kan abin da za a fara yankewa idan lokaci ya ƙure, wato rahoto, kuma mun buga shi a bayan takardar da aka raba. Sakatare ya yi minti 3 maimakon 10, ya ce sauran na hannunku. Muka dawo da 7. Babban baƙo ya ƙara minti 6 a kan nasa, kuma ba mai iya karɓe makirfo daga hannunsa. Minti 12 na aljihu su suka shanye wannan. Aka shafa addu'a 6:07. Abin lura a nan: idan ba ka zaɓi abin yankewa tun kafin ranar ba, lokaci zai zaɓa maka, kuma kullum na ƙarshe yake yankewa, wato mafi muhimmanci.

Wani abu kuma, mai gabatarwa ba shi ne mai riƙe agogo ba. Hankalinsa na kan jama'a. Mun sa wata 'yar kwamiti a layin gaba da kwali biyu, ɗaya "saura minti 1", ɗaya "lokaci ya cika". Ita ce kuma ke duba hol. Idan ta ga kawuna sun sunkuya kan waya, ko surutu ya fara tasowa daga baya, ko iyaye mata sun fara gyara goyo da tattara jaka, to ta san ana rasa mutane, sai ta yi wa mai gabatarwa alama ya gajarta. Daga baya gajiya ke farawa. Na gaba suna jin kunyar nunawa, don haka wanda ke kan dandamali shi ne na ƙarshe da zai sani.

Akwai inda wannan tsari ke buƙatar gyara. Idan uban taro basarake ne, hakimi ko sarki, a wurare da yawa ba a magana bayan ya yi, kuma idan ya tashi taro ya tashi. Kada ka yi jayayya da wannan, ba za ka ci ba, kuma rashin ladabi ne. Abin da za ka yi shi ne ka matso da labarin ɗalibin da roƙon jama'a su zo daf kafin jawabinsa, ka kuma sanar da wani na kusa da shi abin da ake nema, domin idan ya buɗe baki ya sa albarka a kan abin da aka riga aka ɗaga hannu a kai. Haka kuma idan taron na ta'aziyya ne ko na tunawa da wani, ba tafi ake nema a ƙarshe ba, natsuwa ce, amma lissafin bai canza ba: ka san inda kake so a tsaya, ka faro daga can.

Ranar nan mutum 11 suka rubuta suna. Da muka bi su da waya cikin satin, 7 suka cika alkawari, sauran suka ce a ƙara musu lokaci. Jakar kuwa babban baƙo ya ce sayenta zai yi, ya biya a nan take, ya tafi da ita a hannu.

Wanda ke da taro a gaba kuma yana so mu duba takardarsa tare, ya turo ta akwatin saƙo na wannan shafi, ya rubuta lokacin da ake kiran sallah a garinsu a wannan watan. Sai mun haɗu a kashi na gaba, wassalamu alaikum.